Raba ayyukan kwastomomi ga mai gina manhaja da ke zaman kansa: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu gina shafukan intanet da manhajoji a Jos suke yawan yi idan kwastomominsu sun fara wuce ɗaya. Don kada magana ta tsaya a iska, za mu riƙe aiki guda mu bi shi har ƙarshe: wata makarantar kuɗi a Bukuru ta ba ka aikin shafin da iyaye za su riƙa biyan kuɗin makaranta, su kuma duba sakamakon 'ya'yansu. A gefe kana da aikin wani kantin magani a Terminus da na wata ƙungiya a Rayfield.

Mene ne ya kamata ya zama da sunan kwastoma tun ranar farko?

Abubuwa uku ba a jinkirta su: sunan shafin, wato domen, asusun karɓar kuɗi, da adireshin imel ɗin da aka buɗe su da shi. Magini ba ya sa sunansa a takardar fili don kawai shi ya ɗora bulo. Kai baƙo ne da aka ba izinin shiga, kuma izinin nan dole ya zama wanda za a iya janyewa ba tare da wani abu ya tsaya ba.

Imel ɗin shi ne tushe, domin duk asusun da aka manta kalmar sirrinsa ta can ake dawo da shi. Don haka kafin ka rubuta layi ɗaya na kod, ka zauna da mai makarantar a buɗe imel na musamman don wannan harka, da lambar wayarta, a kan wayarta. Kada a yi amfani da imel ɗin sakatare ko na malamin kwamfuta, domin ma'aikaci yana iya barin aiki ya tafi da shi. Haka kuma kada imel ɗin ya zama a ƙarƙashin domen ɗin da za a saya. In domen ya mutu saboda ba a sabunta shi ba, imel ɗin da ke kansa ma ya mutu, saƙon gargaɗi da na dawo da asusu duka ba su da inda za su sauka.

Kwastoma ta ce ba ta san komai a kan waɗannan abubuwa ba, in yi komai da sunana. Me zan ce mata?

Wannan ce amsar da za ka fi ji, kuma yarda ce ta sa ake faɗinta. Amma kada ka karɓa. Ka ce mata: "Hajiya, ni zan cike komai, ke dai sunanki da lambarki za a sa. Idan gobe na yi tafiya ko na kwanta rashin lafiya, kada makaranta ta tsaya saboda ni." Zaman awa ɗaya ya isa a buɗe imel, asusun domen, na hostin da na GitHub. Kowanne aka kunna masa tabbacin shiga mai hawa biyu, a buga lambobin ceto da yake bayarwa a takarda, a sa a ambulan, ta adana tare da takardun rajistar makarantar. Waya tana ɓata, layi yana mutuwa, takardar nan ce ke rage.

Idan komai yana hannunsa, me zai hana ya ƙi biya na ragowar kuɗina?

Tsoron nan yana da dalili, kuma shi ne ke sa mutane da yawa riƙe domen a matsayin jingina. Mu dai ba ma goyon bayan haka. Ranar da ka rufe shafin makaranta a tsakiyar zango, iyaye ɗari biyu ko uku ne za su ji sunanka, kuma Jos ba ta da girman da irin wannan labari zai ɓace.

Abin da za ka riƙe shi ne aikin da ba a biya ba tukuna. Ka raba kuɗin kashi uku a rubuce: na farawa, na lokacin da aka ga aikin yana gudana a shafin gwaji, da na ranar miƙawa. Shafin gwajin yana kan sabarka, ma'ajiyar kod ɗin ma tana iya zama a asusunka har sai an biya, domin mayar da ita ga mai ita aikin minti biyar ne. Domen da asusun kuɗi kuwa mayar da su yana da wahala da jinkiri, shi ya sa su ba a fara su da sunanka. A cikin yarjejeniyar a rubuta ƙarara cewa mallakar kod tana komawa ga makaranta da zarar an kammala biya, a kuma ambaci ɓangarorin da ka riga ka rubuta tun da kake amfani da su a ayyuka da dama, cewa izinin amfani aka ba su, ba a sayar musu ba.

Ma'ajiya ɗaya mai folda-folda, ko kowane aiki da tasa?

Kowane aiki da tasa, babu togaciya. Git yana riƙe tarihin komai, don haka idan makaranta da kantin magani suna ma'ajiya ɗaya, ba za ka iya ba ɗaya izinin shiga ba tare da ya ga na ɗayan ba, kuma goge folda ba ya goge tarihinta.

Mafi tsafta shi ne a buɗe wa makarantar `Organization` a GitHub, wanda kyauta ne kuma yana ɗaukar ma'ajiyoyi na sirri. Asusun mai makarantar ya zama `Owner`, kai kuma a saka ka da izinin da aikin ke buƙata. Idan ka fara a asusunka saboda maganar biya da muka yi, ranar miƙawa ka shiga `Settings` na ma'ajiyar, ka gangara `Danger Zone`, ka zaɓi `Transfer`. Tarihi, `Issues` da `Pull requests` duk suna bin ta. Amma `Deploy keys`, `Webhooks` da `Secrets` ma suna bin ta, wato duk makullin da ka manta a ciki yana nan da ransa a sabon gida. Bayan an mayar, ka gyara adireshin a kwamfutarka da kuma a kan saba:

```
git remote set-url origin git@github.com:makarantar-misali/shafi.git
```

Yaya zan hana kwamfutata cakuɗa suna da makullin wannan kwastoma da na wancan?

Nan ne aka fi yin kuskure ba a sani ba. Ka yi aikin kantin magani da safe, da rana ka koma na makaranta, sai bayan wata guda a ga duk abin da ka tura ɗauke da imel ɗin wani kwastoman daban. Maganin shi ne folda ɗaya ga kowane kwastoma, Git kuma ya gane foldar da kansa. Tun daga sigar 2.13 ta shekarar 2017 yana iya yin haka. A ƙarshen `~/.gitconfig` ka sa:

```
[includeIf "gitdir:~/aiki/makaranta/"]
    path = ~/.gitconfig-makaranta
```

Sannan a cikin `~/.gitconfig-makaranta`:

```
[user]
    email = gini@makaranta.example
[core]
    sshCommand = ssh -i ~/.ssh/makaranta -o IdentitiesOnly=yes
```

Makullin kansa ana yin sa da `ssh-keygen -t ed25519 -f ~/.ssh/makaranta`, kuma ka sa masa kalmar sirri, domin ana satar kwamfuta. Abubuwa biyu ne ke hana wannan tsari aiki. Na farko, in ka manta da `/` ɗin da ke ƙarshen sunan foldar, ma'ajiyoyin da ke cikinta ba za su shiga lissafi ba. Na biyu, in ka sa `includeIf` a sama da `[user]` naka na kullum, na ƙasan ne zai rinjaya. Yadda za ka tabbatar shi ne ka shiga cikin ma'ajiyar ka buga `git config user.email`, ka ga wanda ya fito.

Shi kuma `IdentitiesOnly=yes` amfaninsa shi ne hana SSH gwada duk makullan da ke hannunsa ɗaya bayan ɗaya. In babu shi, GitHub zai karɓi na farkon da ya gane, ya ɗauke ka a matsayin wancan asusun, sai ka ga saƙon `Repository not found` alhali ma'ajiyar tana nan. Kuma GitHub ba ya yarda makulli ɗaya ya zauna a asusu biyu. In ka ga `Key is already in use`, sabo za ka yi.

Ina zan ajiye kalmomin sirri da makullan aiki?

A manhajar adana kalmomin sirri, irin su Bitwarden ko KeePassXC, folda ɗaya ga kowane kwastoma. Ba a WhatsApp ba, domin saƙon yana zama a wayoyi biyu da kuma kwafin ajiyarsu, wani lokaci har da wayar ɗan mai aiki da ake ba shi ya yi wasa. In dole ka tura sirri, `Bitwarden Send` yana ba ka hanyar da za ta mutu bayan an buɗe sau ɗaya ko bayan wa'adin da ka sa.

Mafi kyau ma kada a tura. Yawancin kamfanonin hostin da na karɓar kuɗi suna da hanyar gayyatar mutum cikin asusu da nasa imel ɗin da tasa kalmar sirri. Da wannan hanyar, in an yi wani canji ana sanin wa ya yi, in kuma an cire ka ba sai kowa ya sauya tasa ba.

A cikin aikin kansa, sirri yana zama a fayil ɗin `.env`, shi kuma `.env` yana cikin `.gitignore` tun kafin turawar farko. Abin da ke shiga ma'ajiya shi ne `.env.example`, mai ɗauke da sunaye kawai babu ainihin makullai.

Na riga na tura `.env` cikin ma'ajiya, sannan na goge shi. Shi ke nan?

A'a. Gwada wannan:

```
git log --all --oneline -- .env
```

In ya nuna ko layi ɗaya ne, fayil ɗin yana nan cikin tarihi, kuma duk wanda ya taɓa sauke ma'ajiyar yana da shi. `git rm --cached .env` yana hana shi shiga nan gaba ne kawai. Ana iya kankare shi daga tarihi da `git filter-repo`, amma wannan ba ya isa kwafin da ke hannun wasu. Abin yi na farko, kafin komai, shi ne soke kowane makulli da ke cikin fayil ɗin a fitar da sabo: kalmar sirrin rumbun bayanai, makullin tura imel, na tura saƙon tes, da na karɓar kuɗi. Ka kuma sanar da mai aikin a ranar, kada ka jira ya ji daga wani wuri.

Zan iya karɓar kuɗin makarantar ta asusuna na Paystack in riƙa tura musu?

Kada ka yi, ko na mako ɗaya ne. Kuɗin iyaye zai sauka a bankinka, duk wani ƙorafi na an cire ba a gani ba kai za a nema, kuma tarihin biyan zai zauna a asusun da makaranta ba ta da iko da shi. Makarantar ta buɗe nata da takardunta na CAC da lambar asusun bankinta. Kai za ka yi gini da makullan gwaji masu farawa da `sk_test_` da `pk_test_`. Masu farawa da `sk_live_` kuwa wurinsu saba ce kawai, ba kwamfutarka ba.

Akwai wata matsala da ke fitowa ranar komawa kuɗin gaske: a sauya makullai a manta da adireshin `Webhook URL`, wanda na gwaji daban na gaske daban. Alamarta ita ce uba ya biya, banki ya cire, kuɗin ya bayyana a Paystack, amma shafin makaranta ya ci gaba da nuna ana bin ɗansa. Ka yi biya ɗaya na gaske da ɗan ƙaramin kuɗi kafin a sanar da iyaye, ka bi shi da ido har ya fito a shafin.

Laifi ne in ɗora duk kwastomomina a hostin ɗaya don rage kashe kuɗi?

In kana nufin asusun cPanel guda da ka jera domen biyar a cikinsa, wannan haɗari ne. Dukansu suna gudana ne a ƙarƙashin mai amfani ɗaya na sabar, don haka in aka fasa tsohon WordPress na ƙungiyar Rayfield, mai kutsen yana iya karanta `.env` na makarantar Bukuru, ya kai ga sunayen yara da lambobin iyayensu. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta shekarar 2023 ta ɗora nauyi a kan mai bayanan da kuma wanda ke sarrafa masa su, kai kuwa kana cikin na biyun. Ban da haka, in katinka ya ƙi wucewa wata ɗaya, shafuka biyar ne za su sauka tare.

Tsarin da muka fi so shi ne kowane kwastoma da nasa asusun hostin, da nasa katin biya. Wani lokaci katin naira ba ya wucewa a kamfanonin waje. In haka ta faru, ko dai a zaɓi kamfanin gida da ke karɓar naira, ko kai ka biya a madadinsa ka sa a takardar kuɗi, amma asusun ya ci gaba da zama da imel ɗinsa. In kuwa kai ne kake sayar da hostin a matsayin sana'a, ka ɗauki tsarin dillali mai WHM, inda kowane kwastoma yake da cPanel nasa daban wanda za a iya ɗauke shi ɗungurungum. A kan saba taka ta kanka, mafi ƙarancin abin yi shi ne kowane aiki da nasa mai amfani na Linux, nasa rumbun bayanai, da nasa mai shiga rumbun wanda ba ya ganin na sauran.

Na riga na sayi domen ɗin da sunana. Yaya ake mayarwa?

Hanya mafi sauƙi ita ce kwastoma ya buɗe asusu a kamfanin da ka saya, a tura domen ɗin daga asusunka zuwa nasa a cikin gida, sannan a gyara bayanan mai mallaka su zama nasa. In zuwa wani kamfani ne, sai ka cire kullen domen ɗin, ka karɓi lambar `EPP code` ka ba shi. Domen mai `.com` ba ya barin kamfani cikin kwana 60 na farko bayan saye ko bayan an ɗauke shi, kuma sauya bayanan mai mallaka yana iya jawo wani kullen irin wannan, don haka a fara ɗaukewa kafin a gyara suna. Masu `.ng` da `.com.ng` suna ƙarƙashin NiRA ne, ƙungiyar da ke kula da domen na Najeriya, ta hannun kamfanonin da ta amince da su.

Kafin ka taɓa komai, ka kwafe duk bayanan DNS. Wanda aka fi mantawa shi ne na imel, wato `MX` da kuma `TXT` mai ɗauke da SPF. Shafi zai buɗe lafiya, kowa ya yi murna, sai bayan kwana uku a lura wasiƙu sun daina shigowa. In za a sauya saba, ka rage `TTL` zuwa daƙiƙa 300 tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, don canjin ya bazu da wuri, ka kuma bar tsohuwar sabar a kunne na mako guda. Kada a yi wannan aiki a makon dawowa hutu, lokacin da iyaye ke rububin biya.

Me ake miƙawa a ranar ƙarshe, ban da kod?

Kod kaɗai ba ya tayar da shafi. Rumbun bayanai ba ya cikin ma'ajiya, haka hotunan ɗalibai da takardun da aka ɗora, haka `.env`, haka ayyukan `cron` da ke tura tunatarwa ko ɗaukar kwafin ajiya da dare. Ka fitar da rumbun:

```
mysqldump --single-transaction -u makaranta -p makaranta_db > kwafi.sql
```

Ka haɗa da foldar hotuna, ka duba `crontab -l` ka rubuta abin da kowane layi yake yi. Takardar tsaro ta Let's Encrypt gajeren wa'adi gare ta, kuma sabunta ta yana hannun wani aiki ne da ke gudana a bayan fage. In aka koma sabuwar saba ba a kafa shi ba, shafi zai yi watanni biyu zuwa uku lafiya, sannan wata safiya burauza ta fara gargaɗin iyaye cewa kada su shiga. `certbot renew --dry-run` zai nuna maka ko sabuntawar za ta yiwu, amma ba ya nuna ko an kafa aikin da ke gudana a bayan fagen, sai ka duba wannan daban.

Sai takarda ɗaya mai shafi biyu ko uku da mai makarantar za ta iya karantawa da kanta: kowane asusu, kamfanin da yake, imel ɗin da aka buɗe shi da shi, ranar sabuntawa, nawa ake biya, da abin da zai tsaya in ba a biya ba. Kalmomin sirri ba sa shiga wannan takarda. Ga wanda zai gaje ka kuma, fayil ɗin `README` ya faɗi sigar PHP ko Node da aka yi amfani da ita, da matakan tayar da aikin. Hanyar gwada shi ita ce ka sauke ma'ajiyar a sabuwar folda, ka bi abin da ka rubuta kawai ba tare da dogaro da abin da ka haddace ba. Duk inda ka tsaya, nan ne magajinka zai tsaya.

In manhajar waya ce fa?

Asusun Google Play ana biyan dala 25 sau ɗaya, na Apple dala 99 duk shekara, kuma su ma da sunan kwastoma ake buɗewa. Asusun kamfani yana buƙatar lambar D-U-N-S ta tantance kamfani, wadda samunta ke ɗaukar lokaci, don haka a nema tun farkon aiki. Fayil ɗin `keystore` na Android da kalmar sirrinsa suna cikin abin miƙawa.

Bayan na miƙa, in bar wa kaina hanyar shiga ko da za su neme ni?

Ba a ɓoye ba. In akwai yarjejeniyar kula da shafi duk wata, izininka ya ci gaba a fili, da sunanka, a rubuce. In babu, a cire ka gaba ɗaya, kuma wannan kariya ce gare ka: ranar da wani abu ya ɓace, ba za a ce ai har yanzu kana da makulli ba.

A yi cirewar kuna zaune tare. Mai makarantar ta shiga kowane asusu da hannunta, don a tabbatar tana iya shiga ba tare da wayarka ba. Ta cire ka daga GitHub, daga hostin, daga Paystack da kamfanin domen. A goge makullinka daga `~/.ssh/authorized_keys` na sabar, bayan an tabbatar nata ko na sabon mai kula yana shiga, in ba haka ba kun kulle kanku a waje. A sabunta kalmar sirrin rumbun bayanai da makullan da ka taɓa gani, a sa sababbin a `.env`, a sake gwada biya da tura imel. Daga nan ka gwada shiga a gabanta, ta ga an hana ka. Kwafin rumbun da ke kwamfutarka, mai ɗauke da bayanan yara, ka goge shi bayan wa'adin gyaran da kuka amince a kai, ka aika mata saƙo a rubuce cewa ka goge, da kwanan watan da ka yi.